Rasit cike da leda, hotunan mita cike da waya: nawa kilomita ɗaya ke ci min?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu lissafi ku taimaka min. Ina da Siyana da muka cire kujerun baya, da ita ake kai ƙwai daga gona zuwa wajen masu saye. Ƙanin maigidana ne ke tuƙa ta. Tun farkon wata na ce duk man da ya sha ya karɓo rasit, kuma ya ɗauki hoton mitar mota. Ya yi, ba laifi. Yanzu ga rasit a leda, ga hotuna a waya, na rasa ta inda zan kama. Abin da nake so na sani shi ne nawa kilomita ɗaya ke ci min, don na san kuɗin kai kaya da zan riƙa karɓa. Na gwada da kaina daga ranar 3 zuwa ranar 15. Mita ta tashi daga 186,420 zuwa 186,900, wato 480. Rasit biyar na tara, kuɗinsu naira 169,100, lita 187. Da na raba sai na ga naira 352 kowace kilomita. Anya kuwa?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Hajiya, lita 187 a kilomita 480? Ko tirela ce ai sai haka. Lita ɗaya ba ta kai ki kilomita uku ba ke nan. Ni dai ba zan ɓoye miki ba, yaron nan zuƙe man yake yi ya sayar. Na yi direbobi uku, na san halinsu.

Direban Kwanar Dawaki: Haba Alhaji. Daga jin lamba sai ka yanke wa bawan Allah hukunci? Mu ma direbobi ne a gidan nan fa. Zato zunubi.

Baban Walid: Ban ce duka ba. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Tsohon Akawu: Ku dakata tukuna, a ga takardu kafin a kai ga mutum. Hajiya, ki rubuto mana rasit ɗin biyar ɗaya bayan ɗaya: rana, lita, kuɗi. Sannan ki gaya mana a wace rana aka cika tanki har famfo ya katse da kansa, a wace rana kuma aka ɗan zuba na wani adadi kawai. Wannan tambayar ta biyu ita ce kan maganar.

Maman Ilham: To Malam. Ranar 3 lita 52, naira 46,800, ya cika tanki. Ranar 6 lita 20, naira 18,000. Ranar 9 naira 27,000, amma wannan ba lita a jiki, takardar da na'urar kati ke fitarwa ce, na ƙiyasta lita 30 tunda a 900 yake sha a satin. Ranar 12 lita 45, naira 40,500. Ranar 15 lita 40, naira 36,800, ya sake cikawa, ranar an sayar masa a 920.

Tsohon Akawu: Madalla. Kin yi sa'a babba, domin kina da cikon tanki a farko da cikon tanki a ƙarshe. Da babu su da sai dai mu yi ta kirdado.

Kuskuren farko shi ne rasit ɗin ranar 3. Cire shi gaba ɗaya. Ki duba: lita 52 ɗin da aka zuba ranar 3 sun cike gurbin man da motar ta ƙona ne kafin ranar 3, a tafiyar da ba ta cikin lissafinki. Daga lokacin da tanki ya cika ne muka fara ƙirga. Duk abin da aka zuba bayan nan, har zuwa ranar da ya sake cika, shi ne daidai abin da mota ta sha a tsakani. Kamar randa ce: kin cika ta, an yi ta ɗiba ana ƙarawa, ranar da kika sake cika ta, bokitan da kika zuba bayan cikon farko su ne ruwan da gida ya sha. Bokitan cikon farko ba sa ciki.

Saboda haka na ranar 3 lambar mitarsa kawai muke so. Saura rasit huɗu: naira 122,300, lita 135. A raba da 480, ya zama wajen naira 255.

Baban Walid: To ai har yanzu lita ɗaya kilomita uku da rabi ce. Siyana tana shan mai, na yarda, amma ba haka ba.

Tsohon Akawu: Gaskiyarka, har yanzu bai zauna ba. Shi ya sa ban ce mun gama ba.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ban gane ba, me ya sa za a wahalar da kai da cika tanki? Ga allurar mai nan a gaban direba. A duba inda take da safe, a duba da yamma, shi ke nan. A nan wajenmu ma lita nawa a kilomita ɗari muke cewa, ba kilomita nawa a lita ba.

Direban Kwanar Dawaki: Allura? Tawa sai ta yi kilomita ɗari ba ta motsa daga sama ba, in ta sauko rabi kuma sai ta zube kamar an ture ta. In ka faka a gangare ma wani abu daban za ta nuna maka.

Tsohon Akawu: Haka ne. Allurar tana bin wani abu ne mai yawo a saman mai cikin tanki, shi kuwa tanki ba murabba'i ba ne, don haka rabin allura ba lallai rabin mai ba ne. Tana da amfani don kada mai ya yanke maka a hanya, amma ba a kafa lissafin kuɗi a kanta. Maganar lita a kilomita ɗari kuma, ɗan'uwa, abu ɗaya ne aka juya. Duk wanda mutum ya saba da shi ya riƙe, kada dai ya gauraya su a littafi ɗaya.

Hajiya, turo mana hoton mitar ko guda ɗaya, wanda ya fito da kyau.

Maman Ilham: Na turo na ranar 15.

Bakaniken Kofar Ruwa: Hahaha. Hajiya, motar nan 'yar Amurka ce ko? Dubi manyan lambobin da ke zagaye da allurar gudu, an rubuta MPH, ƙananan na ciki su ne km/h. Mitarki mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Yawancin Siyanar da ke ƙasar nan daga can aka shigo da su, haka suke. Sai 'yan Kanada ne ke zuwa da kilomita. Kullum sai na yi wannan bayanin a gareji, mutum ya zo yana kukan mota na shan mai, a canza filogi, a wanke noza, ashe mil yake karantawa.

Maman Ilham: Innalillahi. Shekara biyu motar nan tana hannuna ban taɓa lura ba.

Tsohon Akawu: Allah ya saka da alheri, Oga. Mil ɗaya kilomita 1.609 ce. To 480 sau 1.609 ya ba mu kilomita 772. Yanzu naira 122,300 a raba da 772, wajen naira 158. Lita ɗaya kuma kilomita 5.7.

Bakaniken Kofar Ruwa: Ya matso, amma da saura kaɗan. Mai silinda shida ce, da kaya, a cikin gari, ni abin da na saba gani wajen bakwai ne, in ta hau titi doguwar tafiya ta fi haka. 5.7 zai iya yiwuwa in ana barin ta a kunne da esi ana sauke kaya, ko tayoyi ba iska. Amma ni wancan rasit na ranar 12 nake kallo. An sha lita 20 ranar 6, an sha 30 ranar 9, sai kuma 45 ranar 12 ba a ce tanki ya cika ba, kwana uku kuma ya sake ɗaukar 40? Tambaye shi ranar 12 ɗin.

Baban Walid: Kun gani ko? Na faɗa.

Maman Ilham: Alhaji, wannan laifina ne ba nasa ba. Yanzu na tuna. Ranar 12 ni na ba shi jarka mai lita 25 na ce ya ciko min na janareton gona, aka haɗa a rasit ɗaya. Lita 20 ce kawai ta shiga mota.

Direban Kwanar Dawaki: Alhaji Baban Walid, muna jiran ka nemi afuwar yaro.

Baban Walid: To Allah ya ba shi haƙuri. Amma ni nawa direban da gaske ya yi, ba jarka ba mil.

Tsohon Akawu: To ga inda muka tsaya. A cire lita 25 a kan 900, wato naira 22,500. Abin da mota ta sha: 20 da 30 da 20 da 40, lita 110. Kuɗi naira 99,800. Tafiya kilomita 772. Lita ɗaya ta kai ki kilomita 7, kowace kilomita kuma naira 129 ta mai. Daga 352 zuwa 129, kuma ba a canza ko filogi ɗaya ba.

Yanzu yadda za ki rubuta don kada a sake wannan wahalar. Ko littafin 'yan makaranta mai layi ya isa. Ki ja gida shida: rana, lambar mita yadda take a hoto, lita, kuɗi, an cika ko ba a cika ba, sai gidan bayani. Gidan bayanin nan kada ki raina shi, a nan za ki rubuta "25 na janareto" ko "ba lita a takarda, na ƙiyasta". Bayan wata uku ba za ki tuna ba. Lambar mita kuma ki rubuta ta a mil ɗinta, kada ki juya ta tun a nan, don in an yi gardama a koma hoto a ga lamba ɗaya. A ƙarshe ake juyawa.

In a Excel ko Google Sheets za ki yi, a ce layi na 2 shi ne ranar 3, layi na 6 ranar 15, mita a B, lita a C, kuɗi a D:

```
=(B6-B2)*1.609
=SUM(D3:D6)/((B6-B2)*1.609)
=((B6-B2)*1.609)/SUM(C3:C6)
```

Na farko kilomita, na biyu naira a kilomita, na uku kilomita a lita. Lura tarawar daga layi na 3 ta fara, ba na 2 ba. Wannan shi ne cire rasit ɗin farko. A layin ranar 12 kuma lita 20 da naira 18,000 za ki sa, ban da na janareto.

Ɗan Maraɗi: Na gwada a tawa ta ƙi. Ashe Excel ɗina na Faransanci ne, `SOMME` yake so maimakon `SUM`, kuma 1,609 da waƙafi. Na faɗa ne saboda 'yan Nijar da ke nan.

Maman Ilham: Akwai wata matsala. Ranar 9 ba hoton mita, ya manta. Hotunan ma ta WhatsApp ya turo min su a tare daga baya, duk ranar ɗaya suke nunawa a wayata. Da ƙyar na jera su.

Tsohon Akawu: Rashin hoton ranar 9 bai ɓata komai ba. Hoton da ba a wasa da shi shi ne na ranar da aka cika tanki. Na tsakiya amfaninsu kawai su taimaka a gane in wani abu ya ɓace. Abin da ke rusa lissafi shi ne ɓatan rasit, kuma alamarsa ta ban mamaki ce: sai ki ga mota ta yi kyau fiye da kima. In kin saba ganin bakwai, wata rana kika ga goma sha ɗaya, kada ki yi murna, akwai man da aka sha ba a rubuta ba. In kuma kika ga ta tashi tara a zagaye ɗaya ta faɗi huɗu a na gaba, yawanci wani ciko ne da bai cika ba aka rubuta ya cika. Haɗa zagayen biyu ki raba, za ki ga sun dawo daidai.

Hotuna kuma, lambar mita ba ta komawa baya, don haka jera su daga ƙarama zuwa babba ya ba ki tsarinsu. Ranar ainihi tana wayarsa shi. In an tura hoto a WhatsApp a matsayin hoto bayanin ranar ɗauka yakan goge, in an tura shi ta Document yana tafiya da shi. Amma mafi sauƙi duk a bar wannan: ya riƙe rasit a gefen mita ya ɗauki hoto ɗaya da ya kama su biyun, tun yana gidan man, ya turo nan take.

Direban Kwanar Dawaki: Kuma ya tabbata ODO ne a allon, wato jimillar tafiyar mota, ba TRIP A ko TRIP B masu ƙirga ɗan zango ba. Maɓalli ɗaya ne ke juya su, yaron mota ya taɓa shi ya tafi. Na taɓa turo wa maigidana hoto mai 312.4, ya kira ni yana tambaya ko an canza wa motar mita. Sannan rasit ɗin nan na inji, kada a bar shi a kan dashbod. Sati ɗaya a ranar Kano ya isa ya koma fari fat ko ya yi baƙi. Ni da biro nake rubuta lita da mita a bayansa kafin na tayar da mota.

Mai Adaidaita 07: Salam. Ni kuma tawa mitar ta mutu tun bara. Nawa ne gyaranta a Kofar Ruwa?

Bakaniken Kofar Ruwa: Ba maganar gyara ake ba, amma kawo ta, galibi wayar mita ce ta tsinke daga ƙafar gaba. Kafin nan ba ka da abin raba kuɗinka da shi, sai dai ka yi lissafin kwana.

Maman Ilham: To Malam Akawu, 129 ɗin zan riƙa ninkawa ke nan? Daga gona zuwa Wudil da dawowa, in na juya mil ɗin, kilomita 90 ne. Naira 8,000 nake karɓa na kai kaya.

Tsohon Akawu: Ko a mai kaɗai, 90 sau 129 naira 11,610 ne. Kina cika 3,610 daga aljihunki duk zuwa. Kuma mai ba shi kaɗai mota ke ci ba. Nawa kike juyen baƙin mai, bayan tafiya nawa? Tayoyi nawa kika saya?

Maman Ilham: Juye da matata naira 45,000 na biya na ƙarshe, bakanikenmu ya ce duk mil 3,000. Tayoyi huɗu sababbi 280,000.

Tsohon Akawu: Mil 3,000 kusan kilomita 4,800 ne, mu ce 5,000 don sauƙi, naira 9 ke nan a kilomita. Tayoyi, in muka ɗauka za su yi kilomita 40,000, naira 7. Wannan 40,000 ɗin zato ne nawa, ranar da kika canza su ki duba mita ki sa lambar gaskiya. Shi ya sa ake buɗe shafi na biyu na gyara, shi ma da lambar mita a kowane layi. Kada ki zuba 280,000 a watan da kika saya, sai watan ya zama kamar gobara, sauran watanni kuma kamar taya kyauta ce. Yanzu mun kai 145. Wudil ya zama naira 13,050. Kiret nawa kike kaiwa?

Maman Ilham: Ɗari da hamsin in ta cika.

Tsohon Akawu: Naira 87 a kan kowane kiret. In kuma kiret hamsin aka ɗauka, 261 ne, domin mota ba ta rage shan mai da kashi biyu cikin uku don kaya sun ragu. Wannan lambar ta kiret ita ce ta fi miki amfani wajen ciniki, ba ta kilomitar ba.

Baban Walid: Malam, ka bar albashin direba da takardun mota da inshora. Ka kuma bar babbar: motar kanta tana tsufa. Duk kilomitar da ta yi an ci wani abu daga jikinta. In Hajiya ba ta ware kuɗin sabuwa ba, ranar da inji ya buga za ta gane.

Tsohon Akawu: Ban manta ba, na ware su ne da gangan. Albashi da takardu ko mota ta fita ko ta kwana sai an biya. In yana karɓar 60,000 a wata, mota kuma ta yi kilomita 1,900, ya kama wajen naira 32 a kilomita. Watan da aka yi rabin tafiyar sai ya zama 63, alhali motar ba ta canza ba. Don haka nake so ta riƙe lamba biyu. Ta farko 145, ita ke amsa "in na ƙara zuwa Wudil yau, me zai fita daga aljihuna". Ta biyu, mai albashi da takardu, ita ke amsa "motar nan tana riƙe kanta a wata ko a'a".

Direban Kwanar Dawaki: Maganar tsufan mota kuma ni ban yarda ba. Wanda ya sayi Siyana shekara huɗu da suka wuce, yau in ya sayar sai ya karɓi fiye da abin da ya biya. Ina faɗuwar?

Baban Walid: Naira ce ta faɗi, ba motar ce ta tashi ba. Sayar ka je ka sayo irinta mai ƙarancin tafiya ka gani ko kuɗin zai isa.

Direban Kwanar Dawaki: To wace lamba za ta rubuta? Kuɗin da ta saya, ko na yau, ko na ranar da ba a sani ba? Abin da ba shi da rasit ni ba na sa shi a littafi.

Tsohon Akawu: Ni ina wajen Alhaji a kan cewa kuɗi ne na gaske, ina wajenka a kan cewa kada a cusa shi cikin lambobin da ke da takarda. A ofis kuɗin saye muke rabawa da shekaru, amma ga mai ƙwai da ke son ta iya sake mota, farashin yau ya fi ma'ana, kuma shi kullum motsi yake.

Baban Walid: In aka bar shi a gefe ba za a taɓa ware shi ba. Na gani a kaina.

Maman Ilham: Ku bar ni da wannan tukuna, kaina ya ɗau zafi. Ga wata sabuwa. Na karanta wa ƙanin maigidan duk abin da kuka ce, ya yi dariyar mil ɗin, sai ya ce akwai ranar da allura ta kwanta masa a hanyar Bichi ya sayi galan ɗaya wajen 'yan bumburutu, naira 4,800 daga kuɗin ƙwai, ba rasit. Bai tuna ko kafin ranar 15 ba ne ko bayanta.

Bakaniken Kofar Ruwa: Galan ɗin nasu ma lita huɗu ake cewa, ba kullum yake cika ba.

Tsohon Akawu: In yana ciki, lita 114 ne, naira 104,600, ya koma wajen 135 a kilomita da 6.8 a lita. In ba ya ciki, 129 tana nan, galan ɗin ya shiga zagaye na gaba. Duba littafin cinikin ƙwai, ranar da kuɗin Bichi ya zo da giɓin 4,800 ita ce ranar. Kafin nan rubuta shi da fensir a gidan bayani.

Maman Ilham: Littafin yana gona, sai gobe. Asabar zai sake cika tanki, na ce masa ya tsaya a katsewar farko kada ya bari a yi ta matsa masa har wuya, kuma jarka rasit ɗinta daban.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, in kin samu na Asabar ɗin ki turo. Ina so na ga ko bakwai ɗin za ta tsaya, tawa irin taki ce kuma lita 16 nake gani a ɗari.